Yadda zafi ke ƙwacewa a cikin ƙwayar batirin litiyam, da dalilin da yake tsallakawa zuwa ta kusa da ita

Batirin litiyam da ya kama da wuta yakan yi abin da itace ko fetur ba sa yi. Ka cire shi daga caji, ka kashe na'urar, ka danne harshen wutar da bargo, amma zafinsa ya ci gaba da hawa, bayan 'yan mintoci kuma wani sashe nasa ya sake tashi. Dalili shi ne zafin a cikin ƙwayar ake haifar da shi, kuma idan ya wuce wani mizani shi ke ciyar da kansa. Wannan jagorar za ta bi abin daki-daki, daga cikin ƙwaya ɗaya har zuwa maƙwabciyarta.

Mataki na farko: san abin da ke cikin ƙwayar

Abin da muke kira batir, na kwamfuta ne ko na sola ko na babur mai lantarki, tarin ƙwayoyi ne da aka haɗa. Na waya kuwa yawanci ƙwaya ɗaya ne. Idan aka warware ƙwaya za a ga shimfiɗu sirara an naɗe su ko an jera su wani kan wani. Akwai fallen tagulla da aka shafe da garin girafayit, shi ne anod, inda litiyam ke taruwa idan an yi caji. Akwai fallen alminiyam da aka shafe da wani haɗin ƙarafa, shi ne katod. A yawancin wayoyi haɗin kobal ne da oksijin, a motoci da baburori sau da yawa nikel da manganis da kobal ne, wanda ake rubutawa NMC, sannan akwai na ƙarfe da fosfet da za ka ga an rubuta LFP ko LiFePO4 a jikin batiran sola.

Tsakanin fallayen biyu akwai shamaki na roba mai ƙananan ƙofofi. Kaurinsa kusan kashi ɗaya ne cikin hamsin na milimita ɗaya, a wasu ƙwayoyin ma bai kai haka ba. Aikinsa ya bar litiyam ya ratsa, ya hana anod da katod taɓa juna. Duka wannan an jiƙa shi da ruwan batir, kuma wannan ruwan ba irin na batirin mota da aka saba da shi ba ne. Na batirin mota asid ne da ruwa, ba ya ci da wuta. Na litiyam sinadari ne mai kama wuta da sauƙi.

To ka duba abin da aka tara a gwangwani ɗaya: makamashin lantarki da aka adana, abin ƙonawa, da katod mai riƙe da oksijin a jikinsa. Abin da ya raba su wannan siririn shamakin ne, da wata fata mai laushi da ke kan anod wadda injiniyoyi ke kira SEI. Fatar tana samuwa ne tun cajin farko a masana'anta, ita ce ke hana litiyam da ke cikin girafayit cin ruwan batir.

Mataki na biyu: tseren zafin da ake haifarwa da wanda ke fita

Nan ne tushen maganar, kuma wanda ya gane shi ya gane sauran. Kowace ƙwaya tana ɗan yin zafi idan tana aiki, zafin kuma yana fita ta bangonta zuwa iska. Muddin abin da ke fita ya kai abin da ake haifarwa, ba matsala.

Amma hanyoyin biyu ba tafiyarsu ɗaya ba. Fitar zafi tana ƙaruwa a hankali: idan bambancin zafin ƙwayar da na iskar da ke kewaye da ita ya ninka, abin da ke fita shi ma kusan ninkawa kawai yake yi. Haɗuwar sinadarai kuwa ba haka take ba. A ƙiyasin da masu ilimin sinadarai ke aiki da shi, duk ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurinta. Ƙarin digiri 20 ya zama ninki huɗu ke nan, 30 ninki takwas, 50 ya haura ninki talatin. Saboda haka dole akwai wata gaɓa da haifarwa za ta wuce fitarwa. Daga wannan gaɓar zafi yana ƙara saurin haɗuwar sinadarai, saurin yana ƙara zafi, ba kuma mai riƙe linzami.

Manomi ya san ɗan'uwan wannan abu. Idan aka tula ɗanyar harawa da yawa wuri ɗaya, tsakiyar tulin yakan yi zafi da kansa, domin abin da ke haifar da zafin yana ciki, hanyar fitarsa kuma ta toshe. A baza ta, ba abin da zai faru. Bambancin kawai shi ne na harawa kwanaki yake ɗauka, na batir kuma ƙarshensa daƙiƙoƙi ne.

Wannan ne ma ya sa yanayin wuri ke da tasiri. Batirin da ke ɗakin kwano a Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, inda iskar waje kanta ta haura digiri 40, ba zai tashi don wannan kaɗai ba. Sai dai tazararsa da gaɓar haɗari ta ragu, ikonsa na zubar da zafi ya yi rauni, kuma yana tsufa da wuri.

Mataki na uku: abin da ke kunna farkon zafin

Ƙwaya lafiyayya ba ta hawa digiri 100 haka kawai. Sai wani abu ya tura ta, kuma yawancin hanyoyin suna ƙarewa ne a wuri ɗaya: anod ya taɓa katod a ciki, abin da masu gyara ke kira shot.

Mafi sauƙin ganewa shi ne rauni daga waje. An huda ƙwayar da sukudireba wajen ɓamɓaro ta daga waya, ko ta lanƙwashe, ko mota ta taka ta. Shamakin ya yage, duk wutar da ke ciki ta bi ta wannan ɗan wurin, wurin ya yi zafi nan take.

Na biyu cajin da ya wuce ƙima. Ƙwayoyin kobal da NMC na yau da kullum iyakarsu kusan bolt 4.2 ce, na LFP kuma 3.65. Idan caja marar kyau ta ci gaba da tura wuta bayan nan, girafayit ya cika ba wurin ajiya, sai litiyam ya fara kwanciya a samansa a matsayin ƙarfe, yana fitar da 'yan ƙayoyi masu iya ratsa shamaki. A lokaci guda katod da aka tatse litiyam ɗinsa fiye da ƙima yana rasa ƙwarinsa. Caji da ƙarfi a cikin sanyi mai tsanani shi ma yana kawo wannan kwanciyar ƙarfen. Akasin haka ma yana da illa: ƙwayar da aka zuƙe har ta kusa sifiri, tagullar anod ɗinta takan narke cikin ruwan batir, idan aka sake yi mata caji tagullar ta sake daskarewa inda bai kamata ba. Shi ya sa farfaɗo da matacciyar ƙwaya ta hanyar ɗana mata wuta kai tsaye, a ganina, wasa ne da abin da ba a gani.

Na uku, wanda ya fi wuyar sha'ani, aibi ne daga masana'anta. Wayar Galaxy Note 7 ta shekarar 2016 misali ce mai kyau. A bayanin da Samsung ya fitar a Janairun 2017, batiran kamfani na farko jakarsu ta matse su a kusurwa har fallen anod ya lanƙwashe, na kamfani na biyu kuma tsinin walda ne ya huda shamaki. Masu waɗannan wayoyin ba su yi laifin komai ba. Irin wannan aibi yakan kwanta shiru na makonni ko watanni, domin fallaye suna ɗan kumbura suna saki a kowane caji, har ranar da tsinin zai ƙarasa ratsawa.

Mataki na huɗu: matakalar zafi

Da zarar wani sashe na ƙwayar ya ɗauki zafi, abubuwa suna rushewa bi da bi, kowanne yana ba na gaba zafin da yake buƙata. Alkaluman da ke tafe suna ɗan motsawa gwargwadon irin ƙwayar da yawan cajin da ke cikinta, amma jerin ba ya sauyawa sosai.

Tsakanin digiri 80 zuwa 120, fatar nan ta kan anod tana fara ruɓewa. Ruɓewarta kanta tana fitar da zafi da iska. Mafi muni, litiyam da ke cikin girafayit ya zama a buɗe, sai ya fara cin ruwan batir, ya yi sabuwar fata, ita ma ta ruɓe. A wannan matakin hawan zafi a hankali yake, ƙwayar tana kumbura, kuma idan aka sanyaya ta da gaske ana iya tsayar da abin, ko da yake ta gama amfani.

Kusan digiri 130 zuwa 135 robar shamaki irin ta foliyetilin tana fara narkewa. Da farko wannan taimako ne, da gangan ma aka tsara shi: ƙofofin suna toshewa, litiyam ya daina ratsawa, wutar lantarki ta tsaya. Amma idan zafin bai tsaya ba, robar takan tsuke ta ja baya daga gefuna. Ɗaya robar da ake amfani da ita, folifirofilin, tana kaiwa kusan 165 kafin ta narke. Bayan nan fallayen biyu suna haɗuwa a wurare da yawa a lokaci ɗaya, makamashin lantarkin da ya rage ya juye ya zama zafi cikin daƙiƙoƙi.

Sai katod. Na kobal yana fara rushewa tun wajen digiri 150 zuwa 180, na NMC wajen 200 ko sama kaɗan, kuma idan suna rushewa suna sakin oksijin a cikin gwangwani cike da abin ƙonawa. Daga nan zafi yana hawa da ɗaruruwan digiri cikin ƙiftawar ido, yakan kai 600 har ya haura 1,000. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, shi ya sa ake samun ƙwallayensa a tokar batirin da ya ƙone. Tagulla sai 1,085, don haka fallenta yawanci yana tsira.

A nan LFP ya bambanta. Oksijin ɗinsa a ɗaure yake da fosfet ƙam, ba ya sakinsa da sauƙi, yana jure zafi mafi yawa, ƙololuwar zafinsa kuma ba ta kai ta sauran. Wannan fifiko ne na gaske. Sai dai masu sayarwa da ke cewa ba ya taɓa tashi sun zarce. Anod ɗinsa da ruwansa iri ɗaya ne da na sauran, kuma yakan fitar da iska mai yawan haidurojin ba tare da ta kama wuta nan take ba, wadda idan ta taru a rufaffen ɗaki tana iya fashewa.

Ƙwayoyi masu kyau suna da kariya. Masu siffar gwangwani suna da wani faifai a saman kai da ke yanke wuta idan matsi ya yi yawa, da ƙofar huci da ke buɗewa kafin gwangwanin ya tsage. Batirin gaba ɗaya kuma yana da allon da ke sa ido, BMS, mai hana cajin da ya wuce ƙima da zuƙewa har ƙasa. Amma faifan da allon, wutar da ke shiga da fita kawai suke iya yankewa. Shot ɗin da ke cikin naɗin yana bayan makunnin, ba su da hannu a kansa.

Mataki na biyar: lissafin da ke nuna dalilin tsallakawa

Mu ɗauki ƙwayar da aka fi sani, 18650, mai faɗin milimita 18 da tsawon 65, wadda ke cikin batiran tsofaffin kwamfutoci da fitilu da fawabanki. Mai kyau tana ɗaukar kusan 3 Ah a bolt 3.6, nauyinta kusan giram 45. Ɗaga zafin giram ɗaya na ƙwayar da digiri ɗaya yana cin kusan jul ɗaya, wato ma'aunin makamashi da ake rubutawa J.

```
3 Ah × 3.6 V ≈ 11 Wh ≈ 39,000 J
39,000 J ÷ 45 J/°C ≈ 870 °C
45 J/°C × (130 − 30) °C = 4,500 J
```

Layi na biyu yana cewa makamashin lantarkin da ke cikin cikakkiyar ƙwaya, shi kaɗai, ya isa ya ɗaga zafinta da kusan digiri 870 idan bai samu mafita ba, ba a ma sa zafin ƙonewar ruwan batir a lissafin ba. Layi na uku shi ne abin tsoron. Kai maƙwabciyarta daga digiri 30 zuwa 130, inda shamakinta zai fara narkewa, jul 4,500 kawai yake buƙata, wato kusan kashi ɗaya cikin tara na abin da ta farkon ke ɗauke da shi. Kuma ba sai an dumama ta duka ba. Gefe ɗaya ya kai wannan zafin, ya wadatar.

Lissafin yana kuma bayyana abin da ya sa yawan caji ke da muhimmanci. Ƙwayar da ba ta cika ba makamashinta kaɗan ne, katod ɗinta ma ya fi ƙwari. Saboda haka ne tun Afrilun 2016 dokar sufurin jiragen sama ta duniya ta ce batiran litiyam da ake ɗauka su kaɗai a matsayin kaya kada cajinsu ya wuce kashi 30 cikin ɗari.

Zafin yana bin hanyoyi da dama. Akwai taɓa jiki kai tsaye, wanda ya fi tsanani a ƙwayoyi masu faɗi da ake matse su fuska da fuska. Akwai ƙarafan da suka haɗa kawunansu, domin abin da ke ɗaukar wuta da kyau yana ɗaukar zafi da kyau. Sai hucin da ke fita ta ƙofa: iska mai zafi, narkakken alminiyam da garin fallaye, wanda a ƙwayoyi masu ƙarfi yakan ɗauki fiye da rabin zafin duka. Idan murfin akwatin ya karkato da shi kan sauran ƙwayoyin, ko gwangwanin ya tsage ta gefe maimakon ta kai, yana gasa su, yana narka robar wayoyi, garin kuma yana haɗa shot a wasu wuraren.

Akwai wata hanyar da ake yawan mantawa da ita. Idan ƙwayoyi suna haɗin faralal, wato kai da kai, gindi da gindi, kuma ɗaya ta yi shot, sauran duk za su juye wutarsu a cikinta. Ta ƙara zafi da makamashin da ba nata ba, su ma su yi zafi saboda ƙarfin wutar da ke fita daga cikinsu. Shi ya sa masu haɗa batir da suka san aikinsu ke sa wa kowace ƙwaya siririn fis nata.

Kowace ƙwaya da ta tashi tana dumama waɗanda ke gaba tun kafin layi ya zo kansu, don haka tazarar da ke tsakanin tashi da tashi takan riƙa raguwa.

Alamomi, da abin da ruwa ke yi

Kafin a kai ga wuta, ƙwaya takan nuna alama: kumburi, zafi alhali ba ta aiki ba ta caji, saurin zubar da caji fiye da 'yan'uwanta, ko wani wari mai zaƙi-zaƙi na sinadari. Idan an kai ga ƙarar huci da farin hayaƙi mai bin ƙasa, lokacin gyara ya wuce, sai nisanta. Wannan hayaƙin ba tururin ruwa ba ne. Yana ɗauke da haidurojin da kabon monoksaid da wata iska mai ƙona huhu da ke fitowa daga gishirin ruwan batir. A Afrilun 2019, a wata tashar adana wuta da ke garin Surprise a jihar Arizona ta Amurka, na'urar kashe gobara ta yi aikinta amma ƙwayoyi suka ci gaba da tashi ɗaya bayan ɗaya, iskar ta taru a ɗakin. Da 'yan kwana-kwana suka buɗe ƙofa bayan sa'o'i, sai wurin ya fashe, huɗu daga cikinsu suka ji munanan raunuka.

Abin kashe gobara na hoda ko na iska yana kashe harshen wuta, amma ba ya sanyaya ciki. Ruwa mai yawa shi ne abin da 'yan kwana-kwana ke amfani da shi, kuma ba ƙwayar da ta riga ta tashi ake ceto ba, maƙwabtanta ake riƙewa ƙasa da gaɓar haɗari. Babban batirin gida da ke haɗe da inbata ba aikin mutum ɗaya da bokiti ba ne. A fitar da mutane, a yanke wuta daga nesa idan zai yiwu, a kira 'yan kwana-kwana. Batirin da wutarsa ta mutu kuma a bar shi a fili nesa da kaya, domin ƙwayar da ta sha zafi tana iya tashi bayan sa'o'i.

Yadda abin ya kasance a jirgin Boeing 787

Ranar 7 ga Janairun 2013 wani jirgin Japan Airlines ƙirar 787 yana tsaye a filin jirgin Boston, fasinjoji sun sauka, sai aka ga hayaƙi a ciki. Ya fito ne daga batirin da ke tayar da ƙaramin injin taimako. Batirin ƙwayoyi takwas ne masu katod na kobal, a jere cikin akwati ɗaya, kowacce tana ɗaukar 75 Ah, wato makamashin ƙwayar 18650 kusan sau ashirin da biyar. Bayan kwana tara wani 787 na kamfanin ANA ya yi saukar gaggawa a Takamatsu ta Japan saboda batirinsa, daga nan aka dakatar da dukan jiragen 787 har zuwa watan Afrilu.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa na Boston ya faro ne daga shot a cikin ƙwaya ɗaya, sannan ya bi sauran. Ba a yi wa batirin cajin da ya wuce ƙima ba, don haka allon sa ido ba shi da abin da zai tare. Kuskuren yana cikin zato. An ɗauka cewa shot a ƙwaya ɗaya zai tsaya a kanta, bisa gwajin huda ƙwaya da ƙusa da bai kwaikwayi yanayi mafi muni ba. An kuma ƙiyasta cewa irin wannan hucin ba zai faru ba ko sau ɗaya a sa'o'in tashi miliyan 10, sai ga shi ya faru sau biyu jiragen ba su cika sa'o'i 52,000 ba.

Gyaran da aka yi ya bi hanyoyin tsallakawar nan ɗaya bayan ɗaya. An ƙara abin hana zafi da hana wuta tsakanin ƙwayoyi da kewayensu, an sa wa wayoyi rigar da ke jure zafi, an rage iyakar sama ta caji tare da ɗaga ta ƙasa. Sannan aka sa batirin duka a akwatin ƙarfe mai bututun da ke fitar da huci zuwa wajen jirgin. Ba wanda ya yi alkawarin cewa ƙwaya ba za ta sake lalacewa ba, kuma ta lalace: a Janairun 2014 ƙwaya ɗaya ta huce a wani 787 da ke tsaye a filin jirgin Narita. A wannan karon abin bai cinye batirin ba, hayaƙin kuma ya fita ta bututun zuwa waje.